Tsaya wa Mai Rance a Banki: Abin da Takarda ta Ɗora wa Mai Sa Hannu

Duk wanda ya nemi rance a banki a Najeriya, bayan an gama duba asusunsa da sana'arsa, tambayoyi biyu ne ke biyo baya: me za ka jinginar, kuma wa zai tsaya maka? Ta farko kan sa mutum ya yi dogon tunani, domin gidansa ne ko gonarsa ko motarsa zai miƙa. Ta biyu kuwa an fi ɗaukarta da sauƙi. A kira wa ko ƙane ko abokin aiki, ya zo da hoto biyu da katin shaida, ya sa hannu inda jami'in banki ya nuna masa, ya koma harkokinsa yana ganin ya yi zumunci. Alhali a idon kotu, wannan mutumin da bai karɓi ko kwabo ba ya ɗauki nauyin da sau da yawa ya fi na gidan da aka jinginar, domin gida yana da iyakar abin da za a iya samu a jikinsa, amma alkawarin mai tsayawa, yadda bankuna ke rubuta shi, ba ya da iyaka sai wadda shi da kansa ya nemi a sa. Ba laifi ba ne banki ya nemi jingina ko mai tsayawa, kuma ba wauta ba ce mutum ya tsaya wa ɗan'uwansa. Inda ɓarnar take shi ne tazarar da ke tsakanin abin da mai sa hannu ke zaton ya ɗauka da abin da takardar ta ɗora masa.

Wannan zaton yana da asali, ba jahilci ba ne. Bahaushe ya san lamuni tun kafin a kafa banki a ƙasarsa, kuma ya san shi ne ta hanyar kasuwa da ta fiƙihun Malikiyya. Fatake da masu masauki da dillalai sun daɗe suna tsaya wa juna, kuma malamai sun bambance tsakanin wanda ya lamunci dukiya, wato zai biya, da wanda ya lamunci kawo mai bashin gaban mai haƙƙi, da wanda ya ɗauki nauyin nemansa kawai. Ko a lamunin dukiyar ma, abin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta tafi a kai, kuma ɗalibai ke karantawa a zaure har yau, shi ne ba a tilasta wa mai lamuni biya sai idan wanda ya ci bashin ya talauce ko ba ya nan. Saboda haka mutumin da ya tashi a wannan tarbiyya, idan aka ce ya tsaya wa wani, abin da ke ransa shi ne yana sahu na biyu: za a fara bin mai bashi, a sayar da abin da ya jinginar, sai idan duk wannan bai isa ba a waiwayo shi. Wasu ma suna ɗaukar kansu shaidu ne kawai, masu tabbatar da cewa sun san mutumin kuma sun san gidansu.

Kotunan da ke sauraron ƙarar bankuna ba a kan wannan fahimta suke hukunci ba. Dokar da suke bi ta samo asali ne daga Ingila, kuma a wurinta takardar tsayawa yarjejeniya ce mai zaman kanta tsakanin banki da mai tsayawa. Da zarar mai rance ya kasa biya a ranar da aka ajiye, haƙƙin banki a kan mai tsayawa ya tabbata, sai dai idan takardar ta ce a fara aika masa wasiƙar neman biya, wanda aikin kwana ɗaya ne. Banki ba ya buƙatar ya fara kai mai rance ƙara, ba ya buƙatar ya fara sayar da jingina, ba ya ma buƙatar ya sa sunan mai rance a cikin ƙarar. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Chami da bankin UBA a 2010, shari'ar da ta faro daga Kano, inda mutum ya tsaya wa kamfani, banki kuma ya kai shi ƙara shi kaɗai, kotu ta ce hakan ya halatta. Wata kariya da dokar ta ba mai tsayawa tun daga tushe ita ce alkawarin sai ya kasance a rubuce da sa hannunsa, ƙa'idar da ta zo daga wata dokar Ingila ta 1677. Wato maganar baki ba ta ɗaure kowa, amma da zarar an sa hannu, abin da ke rubuce shi ne abin da alƙali zai duba, ba abin da jami'in banki ya faɗa da baki yana murmushi ba.

To me ke rubuce? Takardun tsayawa na bankuna sun yi kama da juna ƙwarai, kuma akwai sharuɗɗa uku da suka fi sauran nauyi. Na farko yana cewa mai tsayawa ya ɗauki nauyin duk kuɗin da banki ke bin mai rance yanzu ko zai bi shi nan gaba, a kowane asusu, haɗe da kuɗin ruwa da tara da kuɗin lauyoyi. Na biyu yana cewa alkawarin mai ɗorewa ne, ba ya faɗuwa don an biya rancen farko. Na uku, wanda ya fi dabara, yana cewa banki na iya ɗaukar mai tsayawa tamkar shi ne ainihin mai bashin, kuma yana iya ƙara wa mai rance lokaci, ko sauya sharuɗɗan rancen, ko sakin wata jingina, ba tare da ya nemi izinin mai tsayawa ba. Dalilin sa wannan sharaɗi na uku shi ne doka da kanta tana da tausayi ga mai tsayawa: tsohuwar ƙa'ida ce cewa idan mai bin bashi ya sauya yarjejeniya da mai rance ta hanyar da za ta iya cutar da mai tsayawa ba da yardarsa ba, to mai tsayawa ya kuɓuta. Lauyoyin banki sun san da wannan ƙofa, shi ya sa suke sa mutum ya rufe ta da hannunsa tun ranar farko.

Lissafi zai fi nuna abin da wannan ke nufi. A ɗauka, a matsayin misali, wani ɗan kasuwar hatsi ya karɓi rancen naira miliyan 10 na shekara guda a kan ruwa kashi 30 cikin 100, adadin da ba baƙo ba ne tun da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ya jinginar da filinsa da aka yi wa ƙimar miliyan 8, yayansa ma'aikacin gwamnati kuma ya tsaya masa. Ɗan kasuwar ya biya miliyan 4 daga uwar kuɗi, sai farashin masara ya karye bayan ya cika sito, biya ya tsaya da saura miliyan 6. Ruwan wannan ragowar a wata shi ne naira 150,000. Jagorar cajin bankuna ta Babban Banki da ta fara aiki a 2020 ta ba da damar ɗora tarar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na abin da ba a biya ba a kowane wata, wato ƙarin naira 60,000. Kowane wata ke nan bashin na ƙaruwa da naira 210,000. Idan aka yi wata 18 ana jeka-ka-dawo, ana roƙo, ana alkawari, an tara miliyan 3 da dubu 780 a kan miliyan 6, jimilla miliyan 9 da dubu 780. Wannan kuwa lissafi ne mai sassauci, domin bai ɗora ruwa a kan ruwa ba kamar yadda bankuna kan yi, kuma bai sa kuɗin lauya ba. Mutumin ya biya miliyan 4, amma bashin ya kusa komawa inda ya fara.

Yayan nasa, a nasa lissafin, yana ganin fili na miliyan 8 ya rufe bashin miliyan 6, saboda haka babu abin da zai taɓa shi. Kuskure biyu ya yi. Filin da ya kai miliyan 8 idan mai shi ya zauna ya jira mai saye ba zai kai haka a gwanjo ba, kuma bankuna sun san da haka, shi ya sa masu ƙiyasta musu kadara ke ba su farashi biyu, na kasuwa da na sayarwar dole. Idan bayan an cire kuɗin ɗan gwanjo da na lauya aka samu miliyan 5, saura miliyan 4 da dubu 780 na wuyan mai tsayawa. Kuskure na biyu ya fi wannan girma: banki ba dole ne ya taɓa filin ba ma. Yana iya neman duk miliyan 9 da dubu 780 daga wurin ma'aikacin, ya bar shi da wahalar bin ƙanensa daga baya. Idan kuma a tsakiyar shekarar banki ya ƙara wa ɗan kasuwar wasu miliyan 5 don ya sayi waken suya, ba tare da kowa ya gaya wa yayan ba, sharaɗin duk kuɗin da ake bi yanzu ko nan gaba ya riga ya haɗa da su. Da a ce tun farko an rubuta cewa alkawarinsa bai wuce miliyan 3 ba, haɗe da ruwa da komai, kuma na wannan rance ne kaɗai, da nan maganar ta tsaya.

Abin tambaya shi ne me ya sa banki zai bar fili a ajiye ya bi mai albashi. Amsar tana cikin dokar filaye ta 1978, wadda ta sa dukkan filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma ce ba a jinginar da filin da ke da takardar shaidar mallaka ta gwamnati sai da amincewarsa. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba, duk da cewa wanda ya jinginar da kadarar shi ne ya kamata ya nemo ta. Kotuna sun sassauta wani ɓangare na wannan hukunci daga baya, amma bankuna sun ɗauki darasi. Cikakkiyar jingina tana buƙatar bincike a ofishin filaye, irin su KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, da amincewar gwamna, da biyan kuɗin hatimi, da rajista, kuma idan mai rancen kamfani ne sai an yi wa jinginar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni cikin kwana 90. Duk wannan kuɗi ne da lokaci, kuma mai rance ne ke biya. Saboda haka a ƙananan rance banki kan karɓi takardar filin kawai ya kulle a ma'ajiyarsa, da wata 'yar yarjejeniya. Irin wannan ajiyar takarda jingina ce a doka, amma mai rauni ce, domin a ƙa'ida banki ba zai sayar ba sai ya je kotu, kuma shari'ar fili a Najeriya tana iya cin shekaru. A ƙara da cewa ɗimbin gidajen cikin birni da gonakin karkara ba su da takardar gwamna kwata-kwata, sai takardar ciniki da hatimin mai unguwa ko dagaci, wasu kuma gado ne da ba a raba ba. Mai albashin da kuɗinsa ke shiga asusu kowane ƙarshen wata ya fi duk waɗannan sauƙin kamawa.

Ko inda jinginar ta cika, ikon banki a kanta yana da iyaka, kuma yana da kyau a san iyakar. A jihohin Arewa, tsohuwar dokar Ingila ta 1881 kan cinikin kadarori ita ce har yanzu tushen wannan fanni inda jiha ba ta yi tata ba. Ta ba mai riƙe da jingina ikon sayarwa ba tare da zuwa kotu ba, amma sai ɗaya daga abubuwa uku ya faru: an aika takardar neman biya an yi wata uku ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko an karya wani sharaɗi na yarjejeniyar. Bankuna kan rage waɗannan wa'adodi a cikin takardarsu, don haka a nan ma abin da aka sa wa hannu ne ke aiki. Abin da ba za su iya kaucewa ba shi ne sayarwa da gaskiya: banki ba zai sayar wa kansa ba, ba zai haɗa baki da mai saye ba, kuma duk abin da ya ragu bayan an cire bashi da kuɗin sayarwa na mai kadara ne. Sai dai kada mai gida ya dogara da kukan cewa an sayar da arha, domin kotuna ba sa rushe ciniki saboda ƙarancin farashi kawai, sai idan ya yi ƙasa har ya nuna akwai maguɗi. Wannan ya shafi mai tsayawa kai tsaye a duk lokacin da aka ce masa ya kawo takardar gidansa don a cika sharaɗi. Wanda ya yi haka ya jinginar da gidan da iyalinsa ke kwana ne a kan cinikin da ba shi ke juya shi ba.

An yi ƙoƙarin rage dogaro da fili. Babban Banki ya buɗe rajistar jingina ta ƙasa a 2016, kuma a 2017 aka sa hannu a dokar da ta ba da damar jinginar da kadarori masu motsi, irin su injin niƙa, motar haya, dabbobi, kayan sito da kuɗin da ake bin abokan ciniki. Banki na yi wa haƙƙinsa rajista ta intanet, wanda ya riga yin rajista kuma shi ke gaba. Tsari ne mai kyau, amma bai kori mai tsayawa ba, domin shanu suna tafiya, hatsi yana ƙarewa, inji yana lalacewa, kuma bankin da ya karɓi irin wannan jingina yakan so ya ga mutum a bayanta.

Akwai wata takarda da ta fi takardar tsayawar kanta haɗari, kuma ita ce aka fi bayarwa ba tare da tunani ba: cak. Ƙananan bankuna da kamfanonin ba da rance sukan nemi mai tsayawa ya bar musu cak da sa hannunsa, wani lokaci da kwanan wata na gaba, wani lokaci ba kwanan wata ba adadi. Bashi a kan kansa ba laifi ba ne da ake kama mutum a kai. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani, kuma Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa 'yan sanda da hukumar EFCC ba masu karɓo wa mutane bashi ba ne. Amma bayar da cak ɗin da ya dawo saboda babu kuɗi a asusu laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1977, hukuncinsa ga mutum ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Ko cak ɗin da aka ajiye a matsayin tabbaci ya faɗa ƙarƙashin wannan doka abu ne da lauyoyi ke jayayya a kai, amma mai tsayawa ba zai so a yi wannan jayayya yana bayan kanta ba. Da cak ɗaya, maganar da ta kamata ta tsaya a kotun farar hula ta samu hanyar shiga ofishin 'yan sanda.

Sauran hanyoyin da banki ke isa ga mai tsayawa ba su da hayaniya. Idan yana da asusu a bankin da ya ba da rancen, takardar tsayawa kusan kullum tana ba bankin ikon cire abin da yake bi daga ciki ba tare da umarnin kotu ba, ko da albashi ne ya shigo jiya. Tun watan Agusta na 2020 akwai kuma tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ya ɗebi uwar kuɗi da ruwa, ban da tara, daga asusun mai rance a kowane banki. Tsarin ya dogara ne da izinin da mai rance ya sa wa hannu, saboda haka ya kamata mai tsayawa ya duba da kyau ko a cikin tarin takardun da aka tura masa akwai irin wannan izini da sunansa. Bayan haka akwai kamfanonin tattara tarihin bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda bankuna ke tuntuɓa kafin su ba kowa rance; rancen da ya lalace yana iya bin sunan wanda ya tsaya masa har ya toshe masa tasa hanyar. Mutuwa ma ba ta wanke abin da ya riga ya tabbata. Bashin da ya hau kan mai tsayawa kafin ya rasu yana bin dukiyar da ya bari, kuma a shari'ar Musulunci bashi yana gaban rabon gado, don haka marayu na iya gano cewa mahaifinsu ya bar musu alkawarin da ko matarsa ba ta sani ba.

Ma'aikacin banki zai ce, kuma da gaskiyarsa, kuɗin da yake bayarwa na masu ajiya ne, ba nasa ba. Zai tuna mana cewa rancen da ba a biya ba ne ya durƙusar da manyan bankuna a 2009 har gwamnati ta kafa AMCON a 2010 don ta saye ruɓaɓɓun basussuka, kuma a ƙasar da shari'a ke jan ƙafa, inda mutum zai iya rufe shago ya sauya gari, sassauci ga mai tsayawa yana nufin ƙarancin rance ga kowa. Zai ƙara da cewa mai tsayawa yana da wani amfanin da ya wuce aljihunsa: mutumin da ba ya jin kunyar banki yana jin kunyar yayansa. Duk wannan hujja ce mai ƙarfi ta neman mai tsayawa, kuma ba a musanta ta. Amma ba hujja ba ce ta alkawari marar iyaka, ba kuma hujja ba ce ta ɓoye wa mutum girman abin da ya ɗauka. Kunyar da ake so ta yi aiki tana aiki daidai ko alkawarin miliyan 3 ne ko marar adadi. Bankin da ya ƙara wa mai rance kuɗi bai sanar da mai tsayawa ba, ko ya yi shiru wata da watanni bayan biya ya tsaya, ya cutar da kansa ma, domin ya rasa mutum ɗaya da zai iya tsawatarwa tun bashin yana miliyan 6, kafin ya kusa 10.

Wani zai ce doka ba ta bar mai tsayawa haka kawai ba, kuma wannan ma gaskiya ne. Idan ya biya, yana da haƙƙin bin mai rance ya maido masa da kuɗinsa, yana da haƙƙin gaje matsayin banki a kan duk jinginar da ke hannunsa, kuma idan masu tsayawa biyu ne ko uku yana iya neman sauran su biya kasonsu. Wanda bai iya karatu ba yana da kariyar dokokin jihohi da suka wajabta a rubuta cewa an karanta masa takardar an fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Sai dai a duba waɗannan haƙƙoƙi a zahiri. Mutumin da banki da lauyoyinsa suka kasa samun kuɗi a wurinsa, yayansa ne zai samu? Kuma wane ne a cikinmu zai kai ƙanensa kotu ya sayar masa da fili, uwarsu tana raye? Kariyar wanda bai iya karatu ba kuwa ba ta taimaki malamin makaranta ko akawun da ya iya Turanci amma bai karanta ba, ko ya karanta bai gane harshen lauyoyi ba. Kotu za ta ce ya sa hannu da idonsa biyu. Zumuncin da ya sa aka tsaya shi ne kuma yake hana a yi amfani da haƙƙin da doka ta bayar bayan an biya, saboda haka kariyar da ke da amfani ita ce wadda aka nema kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Abin da za a nema kuwa ba shi da yawa. Mai tsayawa ya ga takardar tayin rancen da idonsa, ya san adadi da ruwa da wa'adi da abin da aka jinginar, ya kuma tambaya ko jinginar ta cika ko ajiyar takarda ce kawai. Ya nemi a rubuta adadin da alkawarinsa ba zai wuce ba, a fayyace cewa adadin ya haɗa da ruwa da tara, domin iyakar da aka sa wa uwar kuɗi kaɗai tana barin sauran a buɗe. Ya nemi a ɗaure alkawarin da wannan rance guda, a kuma rubuta cewa za a sanar da shi da zarar an tsallake biya. Ya ƙi barin cak marar adadi. Ya tafi da kwafin duk abin da ya sa wa hannu, kuma ranar da aka gama biya ya karɓi wasiƙar sallama daga banki, domin alkawari mai ɗorewa yana nan da ransa har sai an kashe shi a rubuce. Za a ce banki ba zai yarda a taɓa takardarsa ba. Wani lokaci haka ne, musamman a ƙananan rance. Amma yawancin takardun suna da gurbin da ake cike adadin iyaka, kuma bankin da ya ƙi sa kowace iyaka ya gaya wa mai tsayawa wani abu game da yadda yake kallon rancen. Waɗannan tambayoyi suna nan daram a bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da Lotus: babu ruwa mai hauhawa, amma suna karɓar jingina, suna neman mai tsayawa, kuma takardar da aka sa wa hannu ita ce abin da za a kafa hujja da shi. Manhajojin ba da rance na waya da ke kiran mutane suna cewa wane ya sa ka a matsayin mai tsaya masa kuwa, barazana ce kawai. Wanda bai sa hannu a komai ba, ba a bin sa komai.

Nauyin gyara bai kamata ya tsaya a kan mutum ɗaya da ke zaune gaban tebur, ɗan'uwansa na kallonsa, jami'in banki na jiran alƙalami ba. Babban Banki yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna, kuma ya fitar da ƙa'idojin kare su a 2019, saboda haka yana da ikon da zai tsaurara wannan fanni ba tare da jiran majalisa ba. Ya wajabta cewa duk alkawarin tsayawa da mutum ɗaya zai yi wa rancen wani sai ya ɗauki adadi a rubuce, a ba shi shafi guda na bayani cikin harshen da yake ji, Hausa ko waninta, a ba shi kwanaki ya je ya yi shawara kafin ya sa hannu, kuma duk ƙarin rancen da aka bayar ba da sabon sa hannunsa ba kada ya hau kansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai hana banki karɓo kuɗin masu ajiya. Kafin a kai can, duk wanda aka kira ya tsaya wa wani ya lissafa adadin da zai iya biya daga aljihunsa ba tare da ya sayar da gidansa ba, ya ce a rubuta wannan adadin, idan an ƙi kuma ya ba ɗan'uwan nasa haƙuri.